Me Takardar Ƙin Biza Ke Nufi da «Raunin Alaƙa da Gida»?

Wanda Birtaniya ta hana bizar ziyara yakan samu takarda mai shafi ɗaya ko biyu, kuma a cikinta akwai jimlar da ta fi kowace ƙona rai. Jami'in da ya duba takardunsa zai rubuta cewa bai gamsu ba yana da alaƙa mai ƙarfi da ƙasarsa wadda za ta sa ya koma idan ziyararsa ta ƙare. Mutum mai mata da 'ya'ya, mai shago a kasuwa, wanda kabarin iyayensa da kakanninsa ke cikin garin da yake zaune, sai a ce masa ba shi da alaƙa da gida. Dole ya ji kamar an zage shi. Amma kalmar da ta ɓata masa rai ba ta nufin abin da kunnensa ya ji, kuma muddin bai gane abin da take nufi a bakin jami'in ba, zai sake nema da takardu ninki biyu ya sake samun amsa iri ɗaya.

Kalmar Turancin da masu fassara ke mayarwa «alaƙa» ko «dangantaka» asalinta ɗauri ne. Mu kuma idan muka ce alaƙa, zumunci muke ji, da jini, da sanayya. Jami'in biza ba ya auna ko ɗaya daga cikin waɗannan. Kalmarmu da ta fi kusa da nufinsa ita ce turke. Mai akuya ba ya tambayar ko tana son gida, yana duba ƙarfin turken da tsawon igiyar ne. Haka jami'in yake tambaya: idan wannan mutum ya isa Landan ya ƙi dawowa, me zai rasa, kuma abin da zai rasa ya fi abin da zai samu a can? Albashin da za a tsayar, shagon da zai durƙushe, karatun da zai lalace, yaran da kuɗin makarantarsu ke wuyansa, su ne abin da yake kira alaƙa. Son gida ba ya shiga lissafi, don ba shi da takarda.

Abin da mutane da yawa ba su sani ba shi ne kalmar ba ta cikin sakin layin dokar da ake ƙin mutum da shi. Dokokin shige da fice na Birtaniya suna da sashe na masu ziyara mai suna Appendix V, wanda ya fara aiki a 2015, kuma sakin layin da takardun ƙi suka fi ambata shi ne V 4.2. A can an ce dole mai nema ya gamsar da jami'i cewa shi baƙo ne na haƙiƙa, sannan aka fayyace baƙon haƙiƙa da sharuɗɗa biyar. Zai bar ƙasar idan ziyararsa ta ƙare. Ba zai mayar da Birtaniya mazauninsa ta hanyar yawan zuwa da daɗewa ba. Dalilin zuwansa na gaskiya ne kuma yana cikin waɗanda aka yarda da su. Ba zai yi abin da aka hana baƙo ba, kamar neman aiki. Kuma yana da kuɗin da zai ishe shi zuwa da zama da dawowa ba tare da ya yi aiki ko ya ci daga asusun gwamnati ba. Babu inda aka ce sai kana da gida, ko fili, ko mata. Maganar alaƙa tana cikin littafin jagora ne da Ma'aikatar Cikin Gida ta Birtaniya ta rubuta wa jami'anta, inda aka lissafa abubuwan da za su duba kafin su yanke hukunci a kan sharaɗin farko: tarihin tafiye-tafiyen mutum, yanayin kuɗinsa da iyalinsa, da abin da ya ɗaure shi a ƙasar da yake zaune ta fuskar rayuwa da tattalin arziki.

Wannan bambanci yana da amfani a aikace. Abin da doka ke nema niyya ce, niyyar komawa, ita kuwa niyya a zuci take, ba wanda zai iya loda ta a intanet. Saboda haka aka nemo abin da ake iya gani a madadinta. Alaƙa shaida ce kawai a kan niyya. Shi ya sa za ka ga mai gidaje uku an hana shi, malamin firamare mai ƙaramin albashi an ba shi. Gida ana iya sayar da shi ko a ba da haya daga ko'ina a duniya, kuma ba ya buƙatar mai shi ya kasance a Kano ranar Litinin. Aji yana buƙatar malaminsa ranar da aka koma makaranta.

Sauran ƙasashe ma tuhumar ɗaya ce, suna ne ya bambanta. Amurka tana ƙi da sashe na 214(b) na dokarta ta 1952, wanda ya ce duk mai neman bizar ziyara a ɗauke shi mai niyyar ƙaura ne har sai ya tabbatar da akasin haka. Kanada tana ambatar sashe na 179(b) na ƙa'idojinta. Ƙasashen Turai masu biza ɗaya suna da fom na bai ɗaya inda ake sa alama a akwatin da ke cewa akwai shakku game da niyyarka ta fita kafin biza ta ƙare. Na zaɓi Birtaniya ne saboda takardarta tana faɗin dalili da lambobi, ta ce ga adadin da ka rubuta, ga wanda na gani a banki. Takardar da ta faɗi dalili ita ce ake iya ba wa amsa.

Akwai kalmomi biyu a takardar da ya kamata a tsaya a kansu. Ta farko ita ce «ban gamsu ba». Jami'in bai ce ka yi ƙarya ba, kuma bai ce za ka gudu ba. Cewa ya yi nauyin kawo hujja yana kanka kuma ba ka sauke shi ba. Ba baƙon abu ba ne a wurinmu, don a kotunanmu ma mai da'awa ne ke kawo shaida, kuma a nan kai ne mai da'awar cewa za ka dawo. Kalma ta biyu ita ce ma'aunin da yake aiki da shi, wanda yakan ambata kusa da ƙarshen takardar. Ba yaƙini ake nema ba. Abin da malaman fiƙihu ke kira zato mai rinjaye ne: idan aka ɗora yiwuwar dawowarka da yiwuwar zamanka a sikeli, wanne ya rinjaya? Wannan ma'auni ba shi da tsauri a kan takarda. Matsalar ita ce yawanci ba a yi wa mai neman bizar ziyara ta Birtaniya tambayoyi baki da baki. Kana zuwa cibiyar karɓar takardu a ɗauki hotonka da zanen yatsunka, wani kuma da bai taɓa ganinka ba ya yanke hukunci daga abin da ke kan allonsa. Duk abin da ba ka rubuta ba, a wurinsa babu shi. Duk wurin da takardunka suka bar giɓi, ba zai kira ka ya tambaya ba, zato ne zai cike shi.

Bari mu ɗauki misali mu bi shi daki-daki. Mutumin na ƙirƙira ne don bayani, lambobin ma haka, kuma don sauƙin lissafi mu ɗauka fam ɗaya naira 2,000 ne. Ɗan kasuwa ne mai sayar da atamfa a Kantin Kwari, shekarunsa 46, yana da mata da 'ya'ya biyar. Ƙaninsa ya gama digiri na biyu a wata jami'a a Ingila, shi kuma ɗan kasuwan yana so ya je bikin yaye ɗalibai, tafiyar kwana goma. Ya je shagon masu cika fom, yaron shagon ya tambaye shi nawa yake samu a wata, ya ce kamar naira 600,000. Nawa yake kashewa? Kamar 450,000. Nawa zai kashe a tafiyar? Aka rubuta fam 1,800. Aka haɗa da sitatimen na asusunsa na banki na wata shida, da takardar fili mai sa hannun mai unguwa, da hotunan iyali, da shaidar kama ɗakin otal, da takardar gayyata daga ƙanin.

Ga abin da jami'in ya gani. Fam 1,800 naira miliyan 3.6 ne, wato kuɗin shigar mutumin na wata shida cif. Bisa lambobin da ya bayar da kansa, naira 150,000 ce ke rage masa a wata, don haka tafiyar kwana goma za ta cinye ajiyar wata 24. Sai ya buɗe sitatimen. Wata biyar asusun yana yawo tsakanin naira 300,000 da 500,000, sannan mako uku kafin a nemi biza naira miliyan 4 suka shigo a zubi biyu, ba wani bayani a kansu. Babu takarda ko ɗaya da ta nuna akwai shago. Sai ya rubuta cewa kuɗin da suka shigo ba su dace da kuɗin shigar da aka ambata ba, bai san tushensu ba, saboda haka bai gamsu cewa kuɗin na mai nema ne da gaske ba. Daga nan ya ce tunda haka ne bai gamsu cewa yanayin rayuwar mai nema yadda ya faɗa yake ba, kuma bai gamsu yana da alaƙar da za ta mayar da shi gida ba.

A lura da yadda jimlar alaƙa ta zo a ƙarshe. Ba daga rashin iyali ta fito ba, daga sitatimen ta fito. Wannan shi ne abin da na fi so mai karatu ya riƙe. A takardun ƙi da yawa, «raunin alaƙa» sakamako ne, dalilin yana sakin layi na sama. Idan lambobin fom da na banki suka saɓa, jami'in yana daina yarda da sauran maganarka gaba ɗaya, har da sana'ar da ka ce kana yi, kuma mutumin da ba a tabbatar da sana'arsa ba, a idon jami'i ba abin da ke riƙe da shi. Wanda ya karanta jimlar ƙarshe kawai zai ruga ya nemo ƙarin takardar fili da ƙarin hotuna, alhali ciwon yana wani wuri.

To mece ce gaskiyar ɗan kasuwan namu? Yana da asusu biyu. Ɗaya na shago ne, da sunan kasuwancin da ya yi wa rajista, nan cinikin yau da kullum ke shiga, kuma daga nan yake tura wa kansa naira 600,000 duk wata. Bai ba da sitatimen ɗinsa ba don yana ganin kuɗin kasuwa ba na nuna wa kowa ba ne. Naira miliyan 4 ɗin kuma kashi biyu ne. Miliyan 1.5 kwasar adashe ce, su goma suke zuba 150,000 kowane wata, zagaye ya zo kansa. Wannan ma shi ne dalilin da asusunsa ba ya taruwa, don rarar da ke rage masa adashe take tafiya. Sauran miliyan 2.5 wani abokin ciniki ne daga Maradi ya biya kuɗin diloli ta asusunsa na kansa maimakon na shago. Babu haram ko ƙarya a ciki. Amma ba ɗaya daga cikin wannan bayani da ya isa gaban jami'in.

Nema na biyu ya kamata ya fara da wasiƙa gajera, shafi ɗaya ko biyu, wadda ta ɗauki dalilan ƙin ɗaya bayan ɗaya ta ba kowanne amsa, tana nuna takardar da ke goyon bayan amsar. A kan sana'a, zai kawo shaidar rajistar sunan kasuwanci daga Hukumar Rajistar Kamfanoni, da rasitin hayar shago, da shaidar biyan haraji idan yana da ita, da sitatimen na asusun shago na wata shida, ya ja layi ƙarƙashin kowace naira 600,000 da ta fita daga can ta shiga asusunsa a rana ɗaya. Wannan haɗin shi ne zuciyar hujjar, domin asusu biyu ne ke gaskata juna, kuma banki ne ya rubuta su ba shi ba. A kan adashe, zai nuna zubin 150,000 da ke fita daga asusunsa duk wata zuwa ga mai riƙon adashen, da takarda daga mai riƙon mai ɗauke da yawan mutane da adadin zubi da watan kwasarsa, ya kuma bayyana a jimla biyu mene ne adashe, don kada a ɗauka jami'in ya sani. A kan miliyan 2.5, zai kawo rasitin cinikin da ya dace da rana da adadi, ya faɗa a fili cewa wannan jarin shago ne, ba ya cikin kuɗin tafiya.

Wannan furuci na ƙarshe yana rage kuɗin da yake nunawa, amma yana ƙara masa gaskiya, kuma yana tilasta masa ya sake lissafin tafiyar. Idan ya mayar da ita kwana bakwai, ƙaninsa ya sauke shi a inda yake zaune, kuɗin na iya sauka zuwa fam 1,100, wato naira miliyan 2.2, miliyan 1.5 daga adashe, 700,000 daga ribar shago da za a gani tana fita daga asusunsa. Doka ta yarda wani ya ɗauki nauyin masauki ko kuɗi, a sakin layi na V 4.3, muddin akwai dangantaka ta gaskiya tsakaninsu, mai ɗaukar nauyin yana zaune a ƙasar bisa ƙa'ida, kuma zai iya. Don haka ƙanin zai aiko da shaidar izinin zamansa, da takardar jami'a mai ranar bikin, da shaidar wurin da yake zaune. Amma a sani, takardun ƙanin suna amsa tambayar kuɗi da dalilin zuwa ne kawai. Ba sa amsa tambayar komawa. Ɗan'uwa a Ingila, idan ma aka duba, yana gefen sikelin da ke jan mutum ya zauna ne, shi ya sa takardar gayyata, duk kyanta, ba ta taɓa zama maganin raunin alaƙa.

Sai iyali. Rubuta «mata ɗaya, 'ya'ya biyar» a fom da'awa ce. Shaidarta ita ce takardar aure, da takardun haihuwa na Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa, da rasitin kuɗin makarantar yaran wanda za a ga fitarsa a sitatimen. Rasitin makaranta ya fi hoton iyali nauyi nesa ba kusa ba, domin yana nuna nauyin da ke dawowa kowane zango. Takardar da ke cikin Hausa, ko Larabci kamar wasu takardun aure, ko Faransanci ga 'yan'uwanmu na Nijar, dole a haɗa ta da cikakkiyar fassara zuwa Turanci, mai ɗauke da sunan mai fassarar da sa hannunsa da kwanan wata da hanyar tuntuɓarsa, da tabbacinsa cewa fassarar daidai ce. In ba haka ba ana iya ajiye ta gefe kamar ba a kawo ba. Kuma iyali suna zama hujjar komawa ne idan an bar su a gida. Wanda ya nemi biza da matarsa da yaransa duka a lokaci ɗaya ya kwashe wannan hujja ya tafi da ita, dole sana'arsa ta ɗauki nauyin duka.

Takardar filin fa? Ba ta cutarwa, amma kada a ɗora mata buri. Takardar ciniki mai sa hannun mai unguwa da shaidu tana da daraja a tsakaninmu, sai dai jami'in da ke nesa ba shi da hanyar tantance ta, ba kamar takardar shaidar mallaka ta gwamnatin jiha ba. Ko wadda aka tantance ɗin ma, fili kwance ba ya kiran mai shi. Gidan da ake karɓar haya a kansa, hayar kuma tana shiga banki, ya fi shi magana. Hotuna da shaidar otal kuwa, Ma'aikatar Cikin Gida da kanta ta sa su cikin jerin abubuwan da ta ce kada a kawo a matsayin hujja, tare da tikitin jirgi ga wanda ba wucewa zai yi ba, da lasin tuƙi, da takardun mota, da katin kasuwanci, da takardar banki da ta wuce shekara ɗaya. Mutane suna kashe kuɗi suna tara waɗannan, suna barin takarda ɗaya da ake nema.

Ma'aikacin gwamnati ko na kamfani hanyarsa ta fi sauƙi. Wasiƙa daga wurin aiki a kan takardar ofis, mai faɗin muƙaminsa da ranar da ya fara da albashinsa da ranakun hutun da aka ba shi da ranar da zai koma, sai takardun albashi, sai sitatimen da albashin ke shiga da adadi ɗaya. Idan wasiƙa ta ce 280,000 banki ya nuna 245,000, a bayyana cewa bambancin haraji ne da fansho, kada a bar jami'in ya yi hasashe. A kuma sa lambar wayar da za a ɗauka, don wani lokaci suna kira su tabbatar. Matar aure da ba ta aikin albashi za ta kawo takardun mijinta da takardar aure da wasiƙarsa cewa shi ke ɗaukar nauyi. Ɗalibi zai kawo wasiƙar makaranta mai nuna ajinsa da ranar komawa.

A nan ne nake ganin rashin adalcin tsarin. An gina shi ne a kan rayuwar mai albashi, wanda kowace nairarsa ke bi ta banki. Manomi mai rumbu cike, da mai garken shanu, da dillalin hatsi a Dawanau da ke juya miliyoyi hannu da hannu, suna da abin da ya ɗaure su a gida fiye da ma'aikacin da ke neman hanyar tsira daga aikinsa, amma su ne takarda ba ta gani. Ba mu kaɗai ke faɗar haka ba. A 2019 wasu ƙungiyoyin 'yan majalisar dokokin Birtaniya sun fitar da rahoto da ya ce yiwuwar a hana ɗan Afirka bizar ziyara ta ninka ta mutanen sauran sassan duniya fiye da sau biyu. A 2020 kuma Ma'aikatar Cikin Gida ta dakatar da wata manhaja da ke raba masu nema zuwa ja da rawaya da kore, wadda ƙasar mutum ke cikin abin da take dubawa, bayan an kai ta ƙara. Don haka ba kowane ƙi ba ne laifin mai nema. Akwai takardun ƙi da jami'in bai karanta abin da aka ba shi ba, ko ya yi kuskuren lissafi. Ana gane su idan takardar ta ce ba ka kawo abu ba alhali yana cikin abin da ka loda, ko ta ambaci adadin da babu shi a sitatimen ɗinka.

Ko a irin wannan hali ƙofofin kaɗan ne. Tun 2013 aka soke cikakken haƙƙin ɗaukaka ƙara ga masu ziyarar 'yan'uwa, kuma takardar ƙin yawanci tana faɗa da kanta cewa babu ɗaukaka ƙara, babu sake dubawa ta ofis. Abin da ya rage shi ne a ƙalubalanci hukuncin a kotun Birtaniya ta hannun lauya, cikin wata uku, bayan an fara aika wasiƙar gargaɗi ga ma'aikatar. Kotun ba ta sake auna ko ka cancanta, tana duba ko an yanke hukuncin bisa doka ne kawai, kuma hanyar tana da tsada. Ga yawancin mutane sabon nema ya fi sauri da araha. Babu wa'adin jira da doka ta sa, kana iya nema washegari. Sai dai takardar da kanta takan yi gargaɗi cewa za a iya sake ƙi idan yanayinka bai canza ba, don haka neman da bai amsa dalilan farko ba asarar kuɗi ne, kuma yana ƙara tsawon jerin ƙin da za ka riƙa bayyanawa nan gaba.

Akwai kuma iyakar da hujja ba ta tsallakewa. Saurayin da ya gama bautar ƙasa, ba aiki, ba aure, ba kasuwanci, yayansa na Manchesta yana gayyatarsa wata shida, babu wasiƙar da za ta ƙirƙira masa abin da ba shi da shi. Mutumin kirki ne, wataƙila niyyarsa tsarkakakkiya ce, amma sikelin ba ya gefensa yanzu. Abin da zai taimake shi lokaci ne: aikin da ya yi shekara a kai, asusun da ke nuna shi, tafiya zuwa wasu ƙasashe da dawowa kan lokaci, da ziyara gajera mai takamaiman dalili. Tsawon ziyara ma hujja ce a kan mai ita. Doka ta yarda baƙo ya kai wata shida, amma wanda ya ce zai bar shagonsa ko aikinsa wata biyar ya faɗa wa jami'in da bakinsa cewa abin ba ya buƙatarsa.

A irin wannan matsi ne masu cika fom ke zuwa da tayinsu: wasiƙar aiki daga kamfanin da ba ka taɓa shiga ba, ko a zuba maka kuɗi a asusu na mako biyu a kwashe, ko a rubuta cewa ba a taɓa hana ka biza ba. Ina roƙon mai karatu ya guje su. Ƙi a ƙarƙashin V 4.2 ba ya rufe ƙofa, cewa kawai aka yi ba ka gamsar ba a wannan karo. Amma idan aka kama takardar bogi ko aka tabbatar an ɓoye gaskiya da gangan, hukuncin ya koma na yaudara, wanda ke iya jawo hani na shekara 10. Fom ɗin yana tambaya ko wata ƙasa ta taɓa hana ka biza, kuma zanen yatsunka yana ajiye, sannan Birtaniya tana musayar irin waɗannan bayanai da Amurka da Kanada da Ostareliya da New Zealand. Cewa yaron shago ne ya cika ba kasafai yake kare mutum ba, domin kai ne ka amince cewa abin da ke ciki gaskiya ne.

Saboda haka, ɗan'uwa, idan takardar ƙi tana hannunka, ka nemi kwafin fom ɗin da aka tura da sunanka, ka ajiye shi gefen sitatimen ɗinka, ka sa wanda ka yarda da shi ya karanta maka takardar tun daga sakin layi na farko. Ka ja layi ƙarƙashin kowane adadi da kowace rana da jami'in ya ambata, kuma kada ka sake biyan kuɗin biza sai kowane layi da ka ja ya samu takardar da ke amsa shi.